Jadawalin Darussa: A Fara da Soke Abin da Ba Zai Yiwu Ba

Malamin da aka ɗora wa tsara jadawali a makaranta yakan fara da tambayar wa za a sa a darasin farko. Nan ne wahalar take shigowa. Malamai huɗu da darussa huɗu ana iya jera su ta hanyoyi 24, idan kuwa takwas ne, hanyoyin sun kai 40,320. Gwada su ɗaya bayan ɗaya ɗiban ruwa ne da kwando.

A ce aji guda ne, darussa huɗu kafin a fita tara. Malamin lissafi yana wani ajin a darasi na 1 da na 3. Malamar Turanci ba ta isowa sai an gama na 1. Malamin kimiyya yana bukatar ɗakin gwaje-gwaje, wanda wasu ke ciki a na 3, kuma yana son darasinsa ya zo bayan lissafi. Malamin Hausa ko yaushe aka sa shi ya yarda.

Sai a zana gidaje goma sha shida, sunayen malamai a gefe, darussa a sama, a soke duk gidan da aka hana. Lissafi ya rage da na 2 da na 4. To amma idan ya ɗauki na 4, babu sauran darasi a bayansa da kimiyya za ta shiga, don haka na 4 ma ya fita, lissafi ya zauna a na 2. Kimiyya ke nan na 3 ko na 4, ɗaki kuma ya hana na 3, sai na 4. Turanci ta rasa na 1 da na 2 da na 4, saura na 3. Hausa ya gaji na 1. Tun da farko ma, duk wanda ya dubi gidajen darasi na 1 daga sama zuwa ƙasa zai ga shi kaɗai ya rage a wurin, kuma wannan duban ne mutane suka fi mantawa da shi.

A ganina babban kuskure shi ne farawa da mai sauƙin kai. Da an ba malamin Hausa na 2 saboda bai ƙi ba, da lissafi ya koma na 4, kimiyya ta rasa wuri.

Wani lokaci kuma jadawalin ba shi da mafita sam. Da a ce malamar Turanci ma ba ta samun na 3, da ita da lissafi da kimiyya, su uku, duk na 2 da na 4 suke nema. Masanin lissafi ɗan Birtaniya Philip Hall ya tabbatar a 1935 cewa kowa zai samu wurinsa muddin babu wani rukunin mutane da suka fi yawan wuraren da suka rage musu a haɗe. Da an hango irin wannan cunkoso, ba sauran gwaji, sai a je wurin shugaban makaranta a nemi ɗaya daga cikin ukun ya sassauta.