Jawabin maraba ga sababbin ɗaliban kwamfuta: illar farautar amsa gamammiya

A sassan kimiyyar kwamfuta na jami'o'in Najeriya, ƙungiyar ɗalibai kan shirya taron maraba ga 'yan aji ɗaya a makonnin farko na zango. Bayan malamai sun gama nasu bayanin, akan ba wani ɗalibi na ajin ƙarshe 'yan mintuna ya yi wa ƙannensa magana. Jawabin ba ya tsawo, kuma mafi amfaninsa shi ne wanda ya tsaya kan abu guda: ɗalibi ya koyi rubuta manhaja da hannunsa, ya bar ɗabi'ar neman amsa gamammiya a intanet ko a wayar abokin karatu. Idan mai magana ya tsaya a kan "ku dage, ku yi karatu", kafin a fita daga zauren an manta. Abin da ke zama a kai shi ne misalin da ya nuna yadda amsar da aka kwafo take yaudarar mai ita.

Misalin da ya fi dacewa da 'yan aji ɗaya shi ne lissafin matsakaicin maki, wanda ake rubutawa GPA a takardar sakamako, domin kowannensu zai gamu da shi a ƙarshen zango, kuma malamai suna yawan ba da shi a matsayin aikin gida. A yawancin jami'o'in Najeriya ana amfani da ma'aunin 5. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya sami A, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce mai daraja 4, daga 50 zuwa 59 C mai daraja 3, daga 45 zuwa 49 D mai daraja 2, daga 40 zuwa 44 E mai daraja 1, abin da ya gaza 40 kuwa faɗuwa ce. Akwai jami'o'in da suka ɗan bambanta, don haka littafin dokokin jami'a ne hujja. Kowane kwas yana da nauyinsa na yunit. Ana ninka daraja da yunit, a tara, a raba da jimlar yunit.

Ɗalibin da ya tafi farauta zai sami amsa cikin minti ɗaya, a rubuce da harshen Python, tsaf da ita. Zai liƙa ta, ta yi aiki, babu jan rubutu ko ɗaya a allon. Sai dai mafi yawan irin waɗannan amsoshi an rubuta su ne a kan tsarin da aka saba a Amurka, inda ma'aunin yake tsayawa a 4, A take farawa daga 90, C daga 70, abin da ya gaza 60 kuma faɗuwa ne. A ɗauki ɗalibi mai kwas uku: 72 a kwas mai yunit 3, da 58 a mai yunit 2, da 45 a mai yunit 1. A tsarin gida lissafinsa 15 da 6 da 2, jimla 23, a raba da 6, ya ba da 3.83. Amsar da aka kwafo za ta ɗauki 72 a matsayin C, sauran biyun faɗuwa, ta fitar da 1.0. Ɗalibin da yake kan hanyar digiri mai daraja ta biyu babba ya koma wanda yake bakin kora, kwamfutar kuwa ba ta ce uffan ba.

A nan ne mai jawabi kan dakata ya ce wa ƙannen nasa: "Kwamfuta ba ta san jami'arku ba. Abin da aka gaya mata take yi, ko daidai ne ko kuskure." Abin nufi shi ne manhajar da ta yi aiki ba lallai ta zama manhajar da ta yi daidai ba, kuma wanda bai yi lissafin da biro tukuna ba, ba shi da ma'aunin da zai gane bambancin. Shi ya sa matakin farko na koyo yake faruwa a kan takarda. Sai ɗalibi ya san cewa 3.83 yake jira kafin ya taɓa madannai.

Mataki na biyu shi ne a raba aikin gida biyu, a fara da ƙaramin: mayar da maki zuwa daraja.

```python
def daraja(maki):
    if maki >= 70:
        return 5
    if maki >= 60:
        return 4
    if maki >= 50:
        return 3
    if maki >= 45:
        return 2
    if maki >= 40:
        return 1
    return 0
```

Layukan kaɗan ne, amma akwai tarko biyu a cikinsu da mai kwafa ba ya gani. Na farko jerin sharuɗɗan ne. Ana farawa daga sama ne saboda umarnin `return` yana fita da zarar sharaɗi ya cika. Da an fara da 40, duk wanda ya ci jarrabawa zai sami daraja 1, har mai maki 95. Na biyu alamar `>=` ce. Idan aka rubuta `>` kaɗai, makin da ya faɗa daidai kan iyaka zai zame zuwa ƙasa. A misalin nan 45 za ta koma daraja 1, jimla ta zama 22, sakamako ya fito 3.67. Wannan kuskuren ya fi na farko haɗari, domin 3.67 lamba ce mai kama da gaskiya, babu wanda zai kalle ta ya yi shakka. Ana kama shi ne kawai ta hanyar gwada manhajar da makin kan iyaka: 69 da 70, 44 da 45, 39 da 40.

Kuskuren kan iyaka ba na sababbin shiga ba ne kaɗai, kuma akwai labari tabbatacce da ya cancanci shiga jawabin. A 2010 wani mai rubuta manhaja, Andreas Lundblad, ya ba da amsa a shafin Stack Overflow kan yadda za a nuna girman fayil ta hanyar da mutum zai karanta cikin sauƙi. Daga baya bincike ya nuna cewa ita ce guntuwar Java da aka fi kwafa daga shafin zuwa ayyukan jama'a. A 2019 shi da kansa ya bayyana cewa akwai kuskure a cikinta: idan aka ba ta 999,999 sai ta rubuta `1000.0 kB` maimakon `1.0 MB`. Shekara tara amsar tana yawo daga hannu zuwa hannu. Yawan masu yabon amsa da ƙwarewar wanda ya rubuta ta ba su ɗauke wa mai amfani da ita nauyin gwaji ba.

Kashi na biyu na aikin shi ne tarawa da rabawa.

```python
kwasai = [(72, 3), (58, 2), (45, 1)]
jimla = 0
nauyi = 0
for maki, yunit in kwasai:
    jimla += daraja(maki) * yunit
    nauyi += yunit
print(round(jimla / nauyi, 2))
```

Hanyar da ɗalibi zai tabbatar ya fahimci wannan ita ce ya bi sawunsa da biro, zagaye bayan zagaye, kamar shi ne kwamfutar. Bayan kwas na farko `jimla` 15 ce, `nauyi` 3. Bayan na biyu sun koma 21 da 5, bayan na uku 23 da 6. Wanda ya iya wannan bin sawun zai iya amsa tambayar da malamai suke so, wato me zai faru idan aka tura layin `jimla = 0` zuwa cikin zagayen. Amsar ita ce za a riƙa goge abin da aka tara a kowane zagaye, kwas na ƙarshe kaɗai zai rage, a sami 0.33. Kwasa-kwasan farko na rubuta manhaja sau da yawa da biro da takarda ake jarrabawarsu, kuma irin waɗannan tambayoyin ne a ciki. Ɗalibin da ya yi zango guda yana miƙa aikin da ya karɓo zai shiga zauren da cikakken makin aikin gida, ya kasa bin sawun layi biyar.

Jan rubutun kuskure ma darasi ne da mai farauta yake tsallakewa. Idan aka sauya manhajar ta karɓi maki daga mai amfani ta `input()`, abin da zai shigo rubutu ne, ba lamba ba, sai Python ta tsaya da wannan saƙon:

```
TypeError: '>=' not supported between instances of 'str' and 'int'
```

Saƙon ya faɗi ciwon ƙarara: an kwatanta rubutu da lamba. A samansa akwai lambar layin da abin ya faru. Maganinsa `int(input())`. Sabon ɗalibi kan tsorata da ganin jan rubutu, ya share komai ya nemo wata amsar, alhali karanta layin ƙarshe na saƙon ya isa. Akwai kuma matsalar tsofaffin amsoshi. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma amsoshin zamaninta suna nan birjik. A cikinta ana rubuta `print` ba tare da baka ba, abin da Python 3 take ƙi nan take. Raba 23 da 6 kuma 3 yake bayarwa a can, ba 3.83 ba, domin tana zubar da ragowar idan lambobin duka cikakku ne.

Masu jawabi kan ja kunne game da kamu, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun 1994 ake da Moss, manhajar da Alex Aiken ya samar don gano ayyukan ɗalibai masu kama da juna, kuma sauya sunayen ma'ajiyai ba ya ruɗa ta, domin ginin manhajar take dubawa. Ko babu ita, malami zai iya cewa a ƙara sharaɗi guda a gabansa, misali a ƙi karɓar makin da ya wuce 100. Sai dai barazana ita ce ɓangaren jawabin mafi rauni, tunda ba kowane malami ne yake bincike ba, ɗalibai kuma ba sa daɗewa kafin su gane haka. Asarar da ta fi tabbata ita ce ta aji biyu, inda kwas ɗin tsarin bayanai yake ɗauka cewa zagaye da sharaɗi sun riga sun zauna, ba ya komawa kansu.

Jawabin kirki ba ya haramta bincike, domin ƙwararru ma kullum cikinsa suke. Iyakar tana cikin girman tambayar. Neman yadda `round` take aiki, ko ma'anar wani saƙon kuskure, tambaya ce ƙarama da ke toshe gurbi guda a aikin da ɗalibi ya riga ya tsara, kuma umarnin `help(round)` yana ba da amsarta ko babu data a waya. Liƙa tambayar malami gaba ɗaya a akwatin bincike kuwa miƙa tunanin ne ga wani. Idan ya zama dole a duba amsar wani bayan an yi ƙoƙari an kasa, ƙa'idar ita ce a karanta ta, a rufe, a sake rubutawa da ka, sannan a gwada ta da abin da mai ita bai yi tsammani ba. A manhajar matsakaicin maki, wannan gwajin shi ne jerin da babu kwas ko ɗaya a cikinsa: `nauyi` zai tsaya a sifili, Python ta tsaya da `ZeroDivisionError`, ɗalibin kuma ya yanke shawarar abin da ya kamata manhajar ta nuna wa wanda bai yi rajistar komai ba.