Sau biyu ake ɗibar jini kafin a yanke hukunci kan ciwon ƙirji

Mutum ya iso sashen gaggawa dafe da ƙirji, zufa na tsatso masa. An ɗebi jininsa, bayan awa guda ma'aikaciyar jinya ta sake dawowa da sirinji. A nan ne 'yan jinya ke fara ƙunƙuni: “Ba ɗazu aka ɗiba ba? Ko na farkon ya ɓata ne?” Bai ɓata ba. Gwajin ne ba ya cika da ɗiba ɗaya.

Abin da ake nema wani sinadari ne mai suna turofonin, wanda a takardar sakamako akan rubuta shi Troponin T ko Troponin I. Mazauninsa cikin tsokar zuciya ne, yana taimaka mata wajen matsewa da saki. Idan tsokar ta ji rauni, kamar lokacin da gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da ita, sai sinadarin ya riƙa yoyo cikin jini. Likitan zuciya Hugo Katus na Heidelberg a Jamus ne ya jagoranci ƙirƙiro gwajin nau'in T, kuma tun shekarar 2000 turofonin ya zama ma'aunin da aka fi dogara da shi wajen tabbatar da toshewar jijiyar zuciya.

Sai dai yoyon ba farat ɗaya yake ba. Tsofaffin gwaje-gwaje kan ɗauki awa 3 zuwa 6 kafin su gan shi, sababbi masu tsananin ganewa kuwa awa 1 zuwa 3. Adadin kan kai ƙololuwa wajen kwana guda, sannan ya sauka sannu a hankali, har mako biyu ana iya tarar da burbushinsa.

A ɗauki misalin direba ɗan shekara 55 da ya iso asibiti minti 40 da fara ciwo. A sabon gwajin nau'in T, 14 ng/L ita ce iyakar da aka saba amfani da ita ga mai lafiya. Sakamakonsa na farko ya nuna 9. Da za a sallame shi a kan wannan, da an tafka kuskure, domin sinadarin bai gama isowa cikin jini ba. Bayan awa guda cif aka sake ɗiba: 38. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ce a wannan gwajin, ƙarin 5 ko fiye cikin awa guda ya isa a ɗauki mutum a matsayin wanda ake kyautata zaton jijiyarsa ta toshe. Nasa ya ƙaru da 29, don haka kwantar da shi za a yi, a fara magani.

A gadon da ke kusa da shi kuma akwai dattijuwa mai daɗaɗɗen ciwon ƙoda. Nata na farko 45 ne, ninki uku na iyaka, adadin da zai tayar wa 'ya'yanta hankali. Bayan awa guda 46, bayan awa uku 44. Tsayuwar adadin wuri ɗaya na nuna tsohon rauni ne da zuciya ta daɗe tana fama da shi. Za a ci gaba da bincikenta, har da hoton zuciya, amma ba da saurin da ake yi wa direban ba. Wanda ya kalli takardun farko kaɗai zai fi jin tsoro a kan dattijuwar, alhali direban ne ke cikin haɗarin gaggawa.

Turofonin yana faɗin cewa tsokar zuciya ta ji rauni, ba ya faɗin abin da ya jawo. Kumburin zuciya, gudan jini a huhu, cutar da ta bazu cikin jini, har gudun fanfalaki, duk suna iya ɗaga shi. Shi ya sa likita ke haɗa sakamakon da bayanin ciwon da kuma gwajin ECG, wanda ake so a yi cikin minti 10 da isowa. Idan ECG ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, ba a ma jiran jini, kai tsaye ake neman buɗe ta.

Lokacin ɗiba ba abin wasa ba ne, domin an tsara ƙa'idojin ne bisa tazara takamaimai: awa 1, 2 ko 3 a sababbin gwaje-gwaje, awa 6 ko fiye a tsofaffin. Haka kuma ba a gwama sakamakon wani ɗakin gwaji da na wani, tunda kowace na'ura da iyakarta.

Akwai abin da majinyaci ko ɗan jinya ne kaɗai zai iya bayarwa, wato lokacin da ciwon ya fara. “Tun ɗazu” ba ta wadatar. A ce bayan sallar Azahar ne ko wajen ƙarfe uku. Kuma ko da ciwon ya lafa, ko wani ya ce olsa ce kawai, kada a bar asibiti sai an ɗebi jini na biyu likita ya duba sakamakonsa.