Yadda ake ciro kafeyin daga shayi da mazurarin rabewa

Abin da ke hana mutum barci idan ya sha shayi mai ƙarfi da dare shi ne wani sinadari da ake kira kafeyin. Ba a ganinsa a cikin kofi, domin ya narke ya cakuɗe da ɗaruruwan abubuwan da ganyen ya saki. Amma ɗalibin kimiyyar sinadarai yana iya ciro shi cikin yini guda ya gan shi da idonsa, gari a gindin kwalba. Kayan aikin da ke wannan rabon wani gilashi ne mai faɗin ciki da tsukakken gindi. A samansa akwai baki da matoshi, a ƙasansa kuma ɗan famfo da siririyar ƙafa wadda ruwa ke bi ya fita. Shi ne mazurarin rabewa. Da irinsa masu binciken magungunan itatuwa a jami'o'inmu suke rarraba ruwan sassaƙe da saiwoyi kafin su san wane ɓangare ne yake aiki.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana kawo ruwa biyu waɗanda ba sa haɗuwa, a zuba su wuri ɗaya, a cuɗanya su, sannan a bar su su kwanta hawa biyu. Duk abin da ya fi son zama a cikin ɗayan zai ƙaura can, wanda ya fi son na farkon kuma ya tsaya inda yake. Sai a buɗe famfo a tsiyaye na ƙasa.

Aikin yana farawa ne da zaɓen ruwa na biyun, wato ruwan narkarwa. Sharaɗi na farko shi ne kada ya haɗu da ruwan sha. Etanol yana narkar da kafeyin, amma ba shi da amfani a nan, domin da an zuba shi cikin shayi sai su zama abu ɗaya, babu hawa biyu balle a raba. Hekzen kuma yana tsayawa daban sarai, sai dai da ƙyar yake ɗaukar kafeyin, ya fi dacewa da mai da kitse. Wanda aka saba amfani da shi a wannan gwaji shi ne dikloromiten, wanda ake rubutawa CH2Cl2. Ba ya haɗuwa da ruwa, yana son kafeyin, kuma yana tafasa a kusan digiri 40 na ma'aunin Salshiyos, saboda haka korar sa a ƙarshe ba ta da wahala.

Sai dai yana da illa, kuma ba ƙarama ba. Idan aka shaƙi tururinsa, jiki yana juya wani ɓangarensa ya zama kabon monoksayid, gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta. Yana ratsa siririyar safar hannu ta roba cikin ɗan lokaci. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta haramta yawancin amfanin da ake yi da shi, ta bar ɗakunan gwaji bisa sharuɗɗa masu tsauri. A ganina, makarantar da ba ta da akwatin zuƙe tururi mai aiki gara ta koma kan etil asitet. Bai kai dikloromiten jan kafeyin ba, sai an ƙara yawan zagaye, kuma yana kama wuta, amma ya fi sauƙi ga huhun yara. Wannan aiki dai ba na gida ba ne ko kaɗan.

Zaɓen yana sauya wurin da za ka nemi kayanka. Mililita ɗaya na dikloromiten yana da nauyin giram 1.33, ya fi ruwa, don haka ƙasa yake nutsewa. Na etil asitet giram 0.90 ne, saboda haka sama yake tasowa. Ɗalibai da yawa sun zubar da wahalarsu a kwata saboda sun ɗauka ruwa kullum shi ne a ƙasa. Idan ka yi shakka, ɗiga ruwa kaɗan daga sama ka zuba ido. Idan ɗigon ya ɓace a hawan sama, to ruwa ne a saman. Idan ya ratsa ya gangara, ruwan yana ƙasa. Kuma kada a zubar da kowane hawa sai an ga abin da ake nema a hannu.

To, bari mu bi aikin. An dafa ganyen shayi, an tace, an samu mililita 100. Tun a wurin dahuwa ake zuba sodiyam kabonet kaɗan, wanda ɗan'uwan kanwa ne. Dalilin shi ne shayi yana ɗauke da tanin, irin sinadarin da ke cikin bagaruwar majema, wanda ke sa baki ya yi bauri. Kabonet yana mayar da tanin gishiri, gishirin kuma ya fi son ruwa, sai ya tsaya a baya ya bar kafeyin ya tafi shi kaɗai. Bayan haka dole a bar shayin ya huce sarai, a ma tsoma kwalbar cikin ruwan ƙanƙara. Zuba abin da ke tafasa a digiri 40 cikin shayi mai ɗumi neman rigima ne.

Kana da mililita 60 na ruwan narkarwa. Ka juye shi gaba ɗaya, ko ka kasa shi uku? Lissafi ne yake ba da amsa. Mu ɗauka, don sauƙin misali, akwai miligiram 100 na kafeyin a shayin, kuma idan an daidaita kowane mililita na ruwan narkarwa yana riƙe ninki biyar na abin da mililita na shayi ke riƙewa. Idan ka juye 60 ɗin sau ɗaya, ƙarfinsa ya zama 300 a kan 100 na shayi, wato ya kwashe kashi uku cikin huɗu: miligiram 75 sun fito, 25 sun saura. Idan kuwa ka zuba 20, ƙarfinsa 100 ne a kan 100, sai a yi raba-daidai. Zagayen farko ya ɗauke 50, na biyu 25, na uku 12.5. Jimla 87.5 ke nan, da ruwan narkarwa daidai da na farko. Shi ya sa malamai suke dagewa a kan kaɗan-kaɗan sau uku.

Kafin ka zuba komai, duba famfon a rufe yake, ka ajiye kofin gilashi a ƙarƙashi ko da zai yi yoyo. Kada cikin mazurarin ya wuce kashi biyu cikin uku, domin ruwan yana buƙatar wurin motsi. Ka toshe, ka danne matoshin da tafin hannu ko yatsa, ɗaya hannun yana kan famfo, ka kife shi ƙafar ta kalli sama. Nan take, tun ba ka jijjiga ba, ka buɗe famfon. Za ka ji ya yi tsaki, fiss. Wannan tururin ruwan narkarwa ne da ya taru a kan iskar da ke ciki tun farko, ɗumin hannunka ma yana ƙara shi. Ka rufe, ka juya sau biyu ko uku, ka sake buɗewa, haka har tsakin ya mutu. Ƙafar mazurarin kuwa ta kalli cikin akwatin zuƙe tururi, kada ta kalli fuskarka ko ta maƙwabcinka, domin sau da yawa ɗigon ruwa yana biyo iskar.

Mu da muke ƙasar zafi, wannan mataki ya fi shafarmu. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zafin rana yakan haura digiri 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska kuma ba ya nisa da haka. Ruwan narkarwar yana bakin tafasa tun yana kwalbarsa. Umarnin da aka rubuta don ɗaki mai digiri 20 ba zai wadatar ba, sai an yi aikin da sanyin safiya kuma an riƙa sakin iska a kai a kai. Haɗarin ya fi haka idan ana wanke wani abu mai asid da sodiyam baikabonet, domin nan iska ce sabuwa ake haifarwa. Giram ɗaya tak na baikabonet yana iya fitar da kusan mililita 290 na kabon dayoksayid, fiye da cikin mazurari mai ɗaukar 250. A irin wannan hali ana barin bakin a buɗe, a karkaɗa a hankali har kumfa ya lafa, sannan a toshe. In ba haka ba matoshin zai yi tsalle, kayan su watsu a jiki.

Da ka mayar da mazurarin kan zobensa, cire matoshin. Idan ka manta, ruwan zai fara fita sannan ya tsaya cik, ko iska ta riƙa kutsowa ta ƙafa tana hargitsa hawan da suka kwanta. Ka tsiyaye na ƙasa a hankali, ka rage gudu idan iyakar ta zo wurin da gilashin ya tsuke, ka rufe daidai lokacin da ta iso famfo. Hawan sama ta baki ake juye shi, don kada ya kwashi ragowar na ƙasa a ƙafar.

Wannan duka idan iyakar ta fito ke nan. Shayi ya yi suna wajen ƙin ba da ita. Maimakon layi mai kyau sai ka ga wani dame mai launin ƙasa-ƙasa, mai kumfa, ya zauna a tsakiya, wani lokaci ma ya cinye hawa biyun. Shi ne emolshan: ɗaya ruwan ya farfashe ya zama ƙananan ɗigo a cikin ɗayan, kamar yadda kitse yake a cikin madarar shanu. Abin da ke hana ɗigon sake haɗewa shi ne shayi yana da sinadarai masu halin sabulu, waɗanda ke lulluɓe kowane ɗigo. Babban mai jawo shi kuwa hannu ne. Ɗalibi yana son ya ciro kafeyin da yawa, sai ya jijjiga da ƙarfi. Da shayi ba a jijjiga. Ana kifewa ne a ɗago, a kife a ɗago, a hankali, na tsawon minti ɗaya ko biyu.

Idan ya riga ya faru, mataki na farko shi ne jira. Minti goma ko ashirin sukan isa ka ga hawan ƙasa ya fara washewa daga gindi. Za ka iya tsiyaye wanda ya washe ka bar sauran ya ci gaba da kwanciya. Karkaɗa mazurarin a tsaye, ko ratsa damen da sandar gilashi sannu a hankali, yana taimaka wa ɗigon su haɗu. Idan bai yi ba sai a kawo ruwan gishiri wanda ya ƙoshi, kusan giram 36 a mililita 100 na ruwa. Gishiri yana janye ruwan gare shi, ya tura abubuwan da ba nasa ba waje.

A nan akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba. Ruwan gishiri ƙosasshe nauyinsa kusan 1.2 ne. Da etil asitet wannan alheri ne, domin tazarar nauyi tsakanin hawa biyun ƙaruwa take yi. Da dikloromiten kuwa raguwa take yi, ruwan yana matsowa kusa da 1.33, saboda haka gishiri mai yawa yana iya jinkirta rabuwar da ake nema. Sai a sa kaɗan a gani, ko a ƙara ruwan narkarwar. Damen da ya yi taurin kai ana tace shi ta audugar gilashi, wadda ke kama tarkacen da ke riƙe da ɗigon, ko a zuba shi a bututun gwaji masu marfi a sa a na'urar da ke juyawa da gudu, ta raba su cikin mintuna kaɗan.

Idan an haɗa zagaye ukun wuri ɗaya, za a ga ruwan da ɗan hazo, alamar akwai sauran ruwan sha a ciki. Ana zuba busasshen sodiyam salfet kaɗan-kaɗan. Na farko zai dunƙule saboda ya sha ruwa, a ci gaba da ƙarawa har a ga sabon da aka zuba yana yawo a warwatse, ruwan kuma ya yi garau. Sai a tsiyaye, a kore ruwan narkarwar a cikin akwatin zuƙe tururi, ba a kan wuta ba. Abin da ya rage a gindin kwalba yakan zo da ɗan kore-kore saboda launin ganye da ya biyo shi, sai an sake tsarkake shi yake yin fari. Ana tabbatar da shi ta auna zafin da yake narkewa: kafeyin mai tsabta yana narkewa a wajen digiri 236, wanda ke da datti kuma yakan fara tun kafin nan, ya ja lokaci bai gama ba. Ragowar dikloromiten kuma akwai kwalbar shara ta musamman da ake tara shi, ba a zuba shi a kwata.