Wasiƙar Ƙorafi Kan Firjin da Ya Lalace Cikin Garanti

Idan sabon firji ya daina sanyi, aka koma wurin mai shago, yawanci abin da zai fara cewa shi ne, "Ai wuta ce ta ƙona shi." Ya san abin da yake yi, domin galibin katunan garanti ba sa ɗaukar ɓarnar da ƙarfin wuta ya jawo. Saboda haka wasiƙar kirki takan toshe wannan ƙofa tun da wuri, ta kuma kafa shaidar cewa an kai kuka kafin wa'adi ya cika. Maganar baka ba ta yin haka.

Kafin a ɗauki biro, a nemo rasit da katin garanti, a kwafe lambar firjin daga takardar da ke manne a bayansa ko a cikinsa. Kada a kira mai gyaran unguwa, komai ƙwarewarsa. Da zarar ya yanke bututu ya ƙara gas, kamfani na iya cewa garanti ya tashi.

Sai bayanin matsalar, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. "Ya lalace" bai gaya wa kowa komai ba. Injin da ke ta aiki ba hutu amma ciki babu sanyi, sau da yawa gas ne ya zube, kuma wannan ba laifin wuta ba ne. Wanda kuwa zai yi ƙas, ya yi gurnani kaɗan ya mutu, injin ne ya kasa tashi. A rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Ga misali:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa, ranar 3 ga Maris na sayi firji a shagonka, da garantin shekara ɗaya. Tun 20 ga Yuni injinsa ke aiki dare da rana, amma ko ruwa ba ya sanyayawa. A kan sitabilaiza yake tun ranar farko, kuma ba wanda ya kwance shi. Ina neman a gyara shi kyauta ko a canza mini wani cikin kwana 14. Ga kwafin rasit da na katin garanti."

Kwafi ake haɗawa, na ainihi ya zauna a gida. A yi wasiƙar biyu, mai shago ya sa hannu da kwanan wata a kan wadda za a riƙe. Idan ya share batun, da ita za a je hukumar FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa don kare haƙƙin masu saye a Najeriya.