Saƙo ya iso, amma rubutun ya ɓuya a cikin duhu

Ka taɓa buɗe imel da daddare ka tarar da shi wayam, ga sunan wanda ya aiko, ga kan magana, amma ƙasa sai baƙi ƙirin? Haka ta faru da ni a zangon karatun da ya wuce. Wakilin ajinmu ya turo sanarwar sauya ɗakin jarrabawar gwaji, na duba ban ga komai ba, na ce ai hannunsa ne ya taɓa, na yi kwanciyata. Washegari na yi kusan minti ashirin ina zaune a ɗakin da babu kowa.

Ashe rubutun yana nan. Wayata ce ke kan yanayin duhu, wato Dark mode, shi kuma rubutun baƙi ne.

Idan ka rubuta saƙo kai tsaye a cikin akwatin imel, yawanci haruffan ba su da launin kansu. Manhajar mai karɓa ce ke zaɓa musu: baƙi a kan fari, ko fari a kan duhu. Amma idan ka tsara shi a manhajar rubutu irin su Word ka kwafo, sau da yawa yakan taho da umarni a ɓoye:

```
<span style="color:#000000">
```

Wannan yana nufin "baƙi dole". Wasu manhajojin sukan juya launin da kansu. Wasu kuwa sai su duhunta bango, su bar haruffan yadda aka umarta. Shi wakilin namu da fararen shafuka yake aiki, don haka a wurinsa komai ras.

Abin yana da ma'auni. Bambancin haske tsakanin baƙi da fari 21 ne bisa 1. Ƙa'idar WCAG ta ce kada rubutu na yau da kullum ya gaza 4.5 bisa 1. Baƙi a kan #121212, launin da ake yawan yin bangon duhu da shi, bai wuce 1.1 bisa 1 ba. Ko idon shaho gare ka, sai haƙuri.

In ka ci karo da saƙo irin wannan, danna yatsa ka riƙe a kan fankon wurin kamar za ka kwafa. Idan akwai rubutu, zai fito. Ko kuma ka mayar da wayar yanayin haske na ɗan lokaci.

In kai ne mai aikawa, musamman takardar neman aiki ko saƙo zuwa ga malami, liƙa rubutun da Ctrl+Shift+V maimakon Ctrl+V, yawancin burauzoji za su zubar da launin. Sannan ka fara tura wa kanka, ka buɗe a waya cikin duhu.

Sa hannu ma yakan yi wannan ɓatan dabo. Hoton PNG na baƙin tawada da aka cire wa bango yakan nutse, kuma dabarar danna yatsa ba ta fito da shi, tunda ba haruffa ba ne. Bar masa farin bangonsa, ko da bai yi maka kyau ba.