Dokar sifili: abin da ya sa muke yarda da ma'aunin zafi

Idan nas ta zaro ma'aunin zafi daga hammatar yaro ta ce digiri 39, a gaskiya zafin ma'aunin kansa ta karanta. To me ya sa ake ɗaukarsa a matsayin zafin yaron?

Duk lokacin da abubuwa biyu suka taɓa juna, zafi yakan kwarara daga mafi zafi zuwa mafi sanyi, har kwararar ta tsaya. A nan ne ake cewa sun yi daidaito. Ma'aunin da ke ajiye a ɗaki mai digiri 30 ya fi jikin yaron sanyi, don haka zafi ya yi ta shiga cikinsa, zaibar da ke cikin gilashin tana buɗewa tana hawa. Da suka daidaita, hawan ya tsaya.

Amma daga ina lambar 39 ta fito? Tun a masana'anta ake gwada ma'aunin a ruwan da aka san zafinsa, a tabbatar layin da zaibar ke tsayawa ya dace da lambar da ke jikinsa. Yaron nan bai taɓa kusantar wancan ruwan ba. Abin da ya haɗa su shi ne dokar sifili ta kimiyyar zafi, wadda ta ce idan abubuwa biyu kowannensu ya daidaita da na uku, to su ma daidai suke da juna. Ma'aunin shi ne na ukun. Ya daidaita da ruwan a layin 39, ya daidaita da yaron a layin 39, saboda haka da za a haɗa hammatar yaron da ruwan, zafi ba zai kwarara ko ta wane ɓangare ba. Ba don haka ba, 39 a Kano da 39 a Damagaram ba za su nufi abu ɗaya ba.

Wani zai ce ai wannan a fili yake. Ni ina ganin shi ya sa aka daɗe ana aiki da dokar ba a raɗa mata suna ba. Sai a shekarun 1930 masanin Birtaniya Ralph Fowler ya sa mata suna, kuma da yake an riga an yi doka ta ɗaya da ta biyu, alhali ita ce tushensu, aka ba ta sifili.

Sharaɗinta shi ne a kai ga daidaito, kuma a nan ake yawan kuskure. A zare ma'aunin zaiba bayan rabin minti, yana iya nuna 36 ga yaron da zazzaɓi ke ci, domin zaibar ba ta gama hawa ba. Alamar daidaito ita ce lamba ta daina motsi, wanda kan ɗauki 'yan mintuna. Haka kuma wanda ya kurɓi shayi yanzun nan aka sa masa ma'auni a baki, zafin da shayin ya bari za a karanta, sai a jira bakin ya huce a sake gwadawa.