Yadda Gishiri da Sukari Ke Ƙwace wa Ƙwayoyin Cuta Ruwa

Duk matar da ta taɓa yanka gurji ko tumatir ta barbaɗa masa gishiri, ta ga abin da idonta. Kafin minti goma ruwa ya taru a gindin faranti, yankan da ke tsaye ƙyam ya yi laushi. Ba wanda ya matse shi. Wannan ɗan ruwan da ake tsiyayarwa ba tare da an kula ba, shi ne asirin kifin gishiri, shi ne kuma dalilin da zuma ke shekara a kwalba ba ta lalace ba.

Masana suna kiran abin osmosis. Nama, kifi da kayan lambu duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace cike da ruwa, kuma an lulluɓe ta da wani siririn tantani. Tantanin nan kamar rariya yake mai matsattsen ido: ruwa na ratsa shi cikin sauƙi, amma gishiri da sukari ba sa wucewa haka nan. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya gishiri, sai ruwa ya riƙa tsallakawa daga ɓangaren da ya yi salam zuwa wanda ya yi kauri, har sai sun kusa daidaita. Wani Bafaranshe, Jean-Antoine Nollet, ya bayyana hakan a 1748, bayan ya rufe bakin kwalbar barasa da mafitsarar dabba ya tsoma ta a ruwa, ya ga mafitsarar ta kumbura. Masunta da mahauta kuwa sun riga shi aiki da abin da dubban shekaru.

Su ma ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da abinci, kowace jakar ruwa ce a cikin tantani. Da zarar ta faɗa wurin da gishiri ya yi yawa, ruwan jikinta zai fice, ta motse, ta kasa ci balle hayayyafa. Da yawansu ba mutuwa suke yi ba, lafewa kawai suke yi suna jiran ruwa ya dawo. Wannan ne abin da masu koyo suka fi mantawa.

A ɗauki misalin karfasa, kifin da ake yi wa gishiri a Ghana ana kiransa kobi. Mutum ya sami kilo 3 na sabon kamu, to kilo 1 na gishiri zai tanada. Zai kankare ɓawon, ya tsaga kifin ta baya ya buɗe shi kamar littafi, ya cire kayan ciki, ya wanke jinin da ke maƙale a jikin ƙaya, domin daga nan ruɓa ke farawa. Inda tsoka ta yi kauri sai a tsattsaga da wuƙa. Daga nan a shimfiɗa gishiri a gindin roba, a jera kifi, a rufe da gishiri, a sake jerawa, har na sama ya ɓuya gaba ɗaya.

Washegari idan aka buɗe robar, za a tarar da kifin yana ninƙaya cikin ruwan da ba wanda ya zuba. Daga tsokarsa ya fito. A nan ake ɗora faranti da dutse mai tsabta a danne, don kada wani sashe ya leƙo sama. Yayin da ruwa ke fita, gishiri kuma yana kutsawa ciki sannu a hankali, kuma shi ne ke ɗaukar lokaci: ƙananan kifi kwana biyu zuwa uku, manya su fi haka. Alamar da ake dubawa mai sauƙi ce. Ruwa ba ya narkar da gishiri fiye da kimanin giram 36 a cikin mililita 100, don haka muddin akwai sauran tsabar gishiri a gindin robar, ruwan ya ƙoshi. Idan duk ya narke, a ƙara. Tsokar da ta sha gishiri takan yi tauri, idan an danna ta da yatsa ba ta lotsawa kamar ɗanya. Sai a ɗauraye, a shanya a kan raga nesa da ƙasa.

Me zai hana a rage gishirin, tunda kilo guda kamar ɓarna ne? Saboda tsere ake yi. A zafin Maris ko Afrilu, kifi na iya fara ɓaci cikin sa'o'i kaɗan, kuma dole gishiri ya isa tsakiyar tsoka kafin bakteriya su ci ƙarfinta. Ƙwayar da ke haifar da gubar botulizim, mai shanye jiki, ba ta daina girma sai gishiri ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan da ke cikin naman. Gishirin da ake sa wa miya bai kai ko kusa ba. Wanda ya ɗan shafa wa naman layya gishiri ya ajiye a leda, ɗanɗano ya ba shi, bai adana shi ba. Kilishi ma ba gishiri kaɗai ke riƙe shi ba: fiɗar da ake yi masa sirara, da rana, da gashi, su ke kwashe yawancin ruwan.

Kifin da aikinsa bai yi ba yana nuna kansa. Idan waje ya yi tauri amma jikin ƙaya ya yi laushi yana wari, gishiri bai shiga ba, galibi don ba a tsaga tsoka ba, ko an yi amfani da gishiri mai laushi zalla wanda ya ƙame saman da wuri. Jan tabo mai yauƙi kuma aikin wasu bakteriya ne da gishirin ne ma gidansu, sukan zo tare da gishirin teku. Da damina akwai wata matsalar: idan laimar iska ta haura kashi 75 cikin 100, gishiri da kansa yake jawo danshi, kifin ya jiƙe, fumfuna ta hau.

Sukari ma haka yake aiki, sai dai yana bukatar hannu mai nauyi. Abin da ke jan ruwa shi ne yawan ƙwayoyin da suka narke a ciki, ba nauyinsu ba. Ƙwayar sukari ta fi ta gishiri nauyi kusan sau shida, ga shi ta gishiri tana rabuwa biyu idan ta narke. Giram ɗaya na gishiri ke nan yana yin aikin giram goma na sukari, ko ma fiye. Shi ya sa mai haɗa jam ɗin mangwaro yake zuba sukari kusan daidai da nauyin 'ya'yan itacen, ya yi ta dafawa har sukari ya kai wajen kashi 65 cikin 100. Wadda ta tausaya wa aljihu ta zuba rabi, ta yi wa yis da fumfuna girki ne kawai. Kafin wani lokaci kwalbar za ta fara kumfa da tsami.

Zuma ce ta fi nuna iyakar abin. Wadda ta nuna a saƙa, ruwanta bai wuce kashi 17 zuwa 18 cikin 100 ba, shi ya sa ba abin da ke iya girma a cikinta. Amma tana zuƙar laima daga iska. A bar ta a buɗe a watan Agusta, ko a tsoma mata jiƙaƙƙen cokali, ko ɗan kasuwa ya sirka ta da ruwa, da zarar ruwan ya haura kashi 20, yis ɗin da ya daɗe a lafe sai ya farka. Kumfa ta taso a sama, ƙamshin ya juya zuwa tsami, wani lokacin ma murfin ya kumbura.